Breusch-Pagan ya ce akwai, White ya ce babu: in tsaya a SE na robos ko in koma WLS?

Dalibar_Kididdiga:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawara kan aikin digirina na biyu. Ina da makarantu 160, kowace makaranta layi ɗaya a data. Abin da nake son bayyanawa shi ne matsakaicin makin ɗalibanta a jarrabawa guda. Abubuwa huɗu nake bayani da su: matsakaicin shekarun gogewar malamai, girman aji, littattafai a kan kowane ɗalibi, da awannin darasi a mako. Gogewar malamai ce ta fi damuna. Ga abin da na yi a R, bayan na loda `lmtest` da `sandwich`:

```
m <- lm(maki ~ gogewa + aji + littafi + awa, data = d)
bptest(m)
coeftest(m, vcov = vcovHC(m, type = "HC1"))
```

Kofishent na gogewa ya fito 0.21. SE na yau da kullum 0.080, na robos kuma 0.088. Breusch-Pagan ya ba ni 11.2 da `df` 4, p kusan 0.024, wato akwai heteroskedastisiti, ma'ana bariyans na kuskure ba ɗaya ba ne a ko'ina. Amma gwajin White ya ba ni 19.2 da `df` 14, p kusan 0.16, wato babu. Malamin da ke duba aikina ya ce tunda gwaji ɗaya ya kama, in yi WLS, wato rigireshan mai nauyi, da yawan ɗalibai a matsayin nauyi, domin wasu makarantun ɗalibai 10 ne suka zauna jarrabawar, wasu 400. Da na yi, kofishent ɗin ya sauko 0.12, SE 0.074, ba ya ma wuce ma'aunin kashi 5. Wanne zan kai a babi na huɗu? Kuma wanne gwajin ne ke faɗin gaskiya?

Garkuwa82:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kada ki wahalar da kanki. Sa robos ki wuce, shekara da shekaru haka ake yi. SE na robos kullum ya fi girma, saboda haka in sakamako ya tsira da shi, ya tsira ke nan.

Malam_Sani_H:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bari in fara da gwaje-gwajen biyu, domin ba saɓa wa juna suka yi ba kamar yadda ake gani.

Dukansu abu ɗaya suke yi. Ana ɗaukar ragowar da model ya bari a kowace makaranta, a ninka ta da kanta, sai a yi sabon rigireshan a ga ko wani abu na iya hasashen girmanta. Lambar gwajin ita ce n sau R² na wannan rigireshan na biyu. Naki na Breusch-Pagan, 11.2 a raba da 160, R² ɗinsa 0.07 ke nan, da abubuwa huɗu. Iyakar kashi 5 a `df` 4 ita ce 9.49, kin wuce ta. White kuwa yana ƙara sikwayar kowane abu da haɗin kowane biyu, sai huɗun nan su zama 14. R² ya hau zuwa 0.12, amma iyakar ta hau zuwa 23.68. Wato ƙarin abubuwa goma sun kawo ɗan abin da bai kai kuɗin da aka biya musu ba. White yana leƙa ko'ina, shi ya sa idonsa ba ya da kaifi a ƙaramin samfur. Rashin kamawarsa ba shaida ba ce cewa bariyans ɗin ɗaya ne a ko'ina.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, babu ɗaya a cikinsu da ya amsa tambayar da ke gabanki. Gwaji yana cewa akwai ko ban gani ba. Ba ya gaya miki siffar abin, kuma WLS siffa yake buƙata. Lura ma, yawan ɗalibai ba ya cikin abubuwa huɗun da `bptest(m)` ya duba. To ta yaya gwajin da bai ko kalli yawan ɗalibai ba zai zama hujjar yin nauyi da yawan ɗalibai?

Malam Garkuwa, maganarka ta farko tana da ƙafa, ta biyun ce ba haka ba. SE na robos yakan fi girma ne idan manyan ragowa sun taru a wuraren da x ya yi nisa da matsakaicinsa. Idan kuwa hayaniyar tana tsakiya, gefuna a natse, zai fito ƙasa da na yau da kullum. Kuma a ƙaramin samfur HC0 da HC1 suna iya yin ƙasa da gaskiya ko da babu heteroskedastisiti kwata-kwata.

Garkuwa82:
Na gode Malam. Ni dai a nawa aikin ban taɓa ganin ya ragu ba, amma na ji bayanin.

Baban_Asmau:
Ni ina tare da malamin nata. Wannan ai shi ne misalin da ake koyar da WLS da shi tun aji na farko. Matsakaicin mutum 400 ya fi na mutum 10 tabbas, bariyans ɗinsa σ²/n ne, nauyin da ya dace shi ne n, wato yawan ɗaliban. Ba zato ake yi ba a nan, lissafi ne ya bayar. In ba a yi WLS a irin wannan ba, to a ina za a yi shi? Kuma in an bar heteroskedastisiti ba a gyara ba, kofishent ɗin kansa ya karkata, shi ya sa take ganin 0.21 maimakon 0.12.

Hauwa_R:
Baban Asma'u, jimlarka ta ƙarshe ba daidai ba ce, a gafarce ni. Heteroskedastisiti ba ya karkatar da kofishent na OLS. Matuƙar matsakaicin kuskure sifili ne a kowane x, OLS yana nan a kan hanya. Abu biyu ne suke lalacewa: SE na yau da kullum ya daina zama daidai, kuma OLS ya daina zama mafi ƙarancin yaɗuwa. Robos yana gyara na farko ya bar na biyu. WLS mai nauyin gaskiya yana gyara duka biyun. Inda maganarka za ta yi daidai shi ne a `probit` da `logit`, can kam heteroskedastisiti na iya ɓata kofishent ɗin kansa, kuma robos ba ya ceto shi. Amma ita `lm` take yi.

Sannan 'yar'uwa, me ya sa HC1? `vcovHC` in kika bar shi yadda yake HC3 yake bayarwa. Kin tilasta masa HC1 ne don ya yi daidai da Stata?

Dalibar_Kididdiga:
Eh Anti Hauwa, malamina Stata yake amfani da shi, `vce(robust)` ɗinsu HC1 ne, na so lambobinmu su zo ɗaya. Yanzu na gwada HC3, ya ba ni 0.097. Ga shi t ya sauko daga 2.63 zuwa 2.39 zuwa 2.16. Har yanzu ya wuce, amma tazarar tana raguwa, gabana yana faɗuwa.

Hauwa_R:
To ki gaya masa akwai `vce(hc3)` a Stata, ba sai kin sauka wurinsa ba. Long da Ervin sun yi gwajin kwaikwayo a shekarar 2000, shawararsu ita ce a yi amfani da HC3 idan samfur bai wuce 250 ba, kuma kada a bar gwajin heteroskedastisiti ya zama shi ke yanke ko za a sa robos. Dalili kuwa, a ƙaramin samfur gwajin yakan kasa kama abin da ya isa ya ɓata SE. Ke 160 gare ki.

Wani abu da ke rikita mutane in suna kwatanta manhajojin biyu: `estat hettest` na Stata, in ba ki ba shi zaɓi ba, yana duba ƙimar da model ya hasasa ce kaɗai, `df` ɗaya, kuma yana ɗauka kuskuren nomal ne. `bptest` kuwa yana duba dukkan abubuwan bayani, da gyaran Koenker na 1981 wanda ba ya buƙatar nomal. In malaminki ya samu wata lamba dabam, kada ki firgita. Ya rubuta `estat hettest, rhs iid` zai ga taki.

Abu_Hanif:
Salam. Ni na yi aiki da data na makarantu. Matsalarki ba hetaro ba ce, ɗalibai suna cikin makarantu ne, dole ki yi `cluster` a matakin makaranta. Haka aka sa ni na yi, SE ɗina ya kusa ninkawa.

Ummu_Sadik:
Abu Hanif, sake karanta tambayar. Layi ɗaya ne kowace makaranta, ba ta da layin ɗalibi. In ta yi `cluster` da makaranta, kowane rukuni mutum ɗaya ne, robos na yau da kullum za ta sake samu. Sai dai in makarantun suna ƙarƙashin yankuna da ke da abin da ya haɗa su, wannan wata magana ce.

Abu_Hanif:
To, na gani. Amma batun yankunan ya kamata ta duba.

Malam_Sani_H:
Ina so in koma kan maganar Baban Asma'u, domin nan ne zuciyar al'amarin, kuma rabin maganarsa gaskiya ce tsantsa.

Lissafin σ²/n yana aiki ne idan duk abin da ya rage a matsakaicin makaranta hayaniyar ɗalibai ce kawai: wannan ya yi barci da kyau, wancan ya zo da zazzaɓi, waccan ta dace da tambayoyin da ta karanta. Irin wannan tana shanye juna in ɗalibai sun yi yawa. Amma akwai abin da ɗaliban makaranta ɗaya suka yi tarayya a kai wanda model ɗinki bai auna ba, kamar ƙwazon shugaban makaranta, irin iyayen da ke kai 'ya'yansu can, ko malamin lissafi da ya yi jinya rabin zango. Wannan ba ya raguwa ko ɗalibai dubu ne, domin duk abu ɗaya ya same su. Don haka bariyans na ragowar kashi biyu ne:

```
Var(u_g) = a + b/n_g
```

`a` na makaranta ne, `b` na ɗalibai. Nauyi da n yana ɗauka `a` sifili ne. Idan `a` ya fi `b/n` girma a yawancin makarantu, nauyi da n ba gyara yake yi ba, sabon heteroskedastisiti yake ƙirƙira, wanda zai iya fin na farko muni. Dickens ya nuna wannan a 1990, Solon da Haider da Wooldridge suka sake jaddada shi a 2015.

Kuma ana iya dubawa, ba sai an yi musu ba. Malama, yi wannan ki kawo mana:

```
d$e2 <- resid(m)^2
summary(lm(e2 ~ I(1/n), data = d))
```

In kina da yaɗuwar maki a cikin kowace makaranta, kawo ta ita ma. Sannan ki sa HC3 a kan WLS ɗin da kika yi, domin 0.074 ɗin nan ya dogara ne da cewa nauyin daidai ne.

Dalibar_Kididdiga:
Allah ya saka da alheri Malam. `(Intercept)` ya fito 16.3, kofishent na `I(1/n)` kuma 131, amma SE ɗinsa babba ne. A fayil ɗin akwai `sd` na kowace makaranta, yawanci kusan 12 ne. WLS da n kuma da na sa masa HC3, SE ya tashi daga 0.074 zuwa 0.124! Na sake gudanarwa don in tabbatar, haka yake.

Malam_Sani_H:
Madalla, yanzu muna da abin riƙewa. Sikwayar 12 ita ce 144, kuma 131 bai yi nisa da ita ba, hanyoyi biyu mabambanta sun kai mu kusan wuri ɗaya. Na fi amincewa da 144 domin daga ɗaliban kansu ta fito. Mu ɗauki `a` 16, `b` 144.

Makaranta mai ɗalibai 10, bariyans ɗinta 16 da 14.4, wato 30.4. Mai 40 tana da 16 da 3.6, wato 19.6. Mai 400 kuwa 16 da 0.36, wato 16.36. Kin gani? Tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, bambancin bai kai ninki biyu ba, 1.86 ne. Tsakanin mai 40 da mai 400 kuwa kashi 20 cikin ɗari ne kacal. Amma nauyi da n ya ba mai 400 murya ninki 40 a kan mai 10, ninki 10 a kan mai 40. Kamar a tara shaidu 160 ne, kusan duk idonsu ɗaya wajen gani, sai alƙali ya ce manya kaɗan zai saurara.

Ana iya ƙirga asarar. Ki haɗa dukkan nauyin ki ninka jimlar da kanta, ki raba da jimlar sikwayoyinsu, `sum(d$n)^2 / sum(d$n^2)`. Zai gaya miki kamar makarantu nawa kika rage da su bayan nauyin. Wannan shi ne dalilin 0.124. Ita kuwa 0.074 da `summary` ya nuna miki, ta fito ne daga zaton da data ɗinki ta ƙaryata.

In ana son WLS, ga nauyin da ya dace da abin da muka gani:

```
d$w <- 1/(16 + 144/d$n)
mw <- update(m, weights = w)
coeftest(mw, vcov = vcovHC(mw, type = "HC3"))
```

Ki bar HC3 a kansa, domin mu ma ƙiyasi muka yi.

Dalibar_Kididdiga:
Lissafin farko ya ba ni kusan 75. Wato fiye da rabin makarantuna na zubar ban sani ba. Sabon WLS ɗin kuma kofishent 0.20, SE 0.094.

Garkuwa82:
To ai ga shi nan. Duk wannan zagayen, daga 0.097 zuwa 0.094. Abin da na faɗa tun farko ke nan.

Ummu_Sadik:
A wannan data ɗin haka ne, Malam Garkuwa. Amma kafin a duba ba wanda ya san `a` 16 ne. Da ya fito 1, mai ɗalibai 10 tana da 15.4, mai 400 tana da 1.36, fiye da ninki goma, kuma da OLS ya yi asarar gaske. Robos zai ba ka SE na gaskiya, amma SE na gaskiya mai faɗi. Sai ka kasa ganin tasirin da yake nan, kana cewa babu.

Mai_Awo:
Sallama gare ku. Ni ba ɗan tattalin arziki ba ne, a ɗakin gwaje-gwajen sinadarai nake, kuma ina karanta wannan ina mamakin yadda kuke ɗaukar WLS kamar zaɓi. A wurinmu wajibi ne. Muna zana layin daidaita na'ura da ma'aunai bakwai ko takwas, daga 1 har zuwa 1000. Kuskuren na'urar yana tafiya da girman abin da ake aunawa, kusan kaso iri ɗaya ne ko'ina. In a 1000 yana kuskuren 30, a 1 yana kuskuren 0.03 ne. Bariyans ya bambanta ninki miliyan. In ka yi OLS, manyan ma'aunai biyu ne ke jan layin, sai wurin da ya yanke ya kauce da 4 ko 5, abin da ba komai ba ne a sama, amma a ƙasa samfur mai 2 sai ya karanta 7 ko ya koma ƙasa da sifili. Muna sa nauyin `1/x^2` ko `1/x`, mu duba wanne ya fi dawo da ƙananan ma'aunai daidai. SE na robos ba zai motsa layin ko kaɗan ba, kuma da ɗigo takwas ban ga abin da zai ƙiyasta ba.

Malam_Sani_H:
Wannan misali ne mai kyau ƙwarai, Malam Mai Awo, kuma ya nuna iyakar robos sarai. Ku kun san siffar bariyans daga yadda na'ura take, kuna iya maimaita awo ku tabbatar, bambancin kuma ninki miliyan ne, ba 1.86 ba. Sannan ba gwajin kofishent kuke yi ba, ƙimar samfur ɗaya kuke so. SE na robos yana magana ne a kan layin. Ba ya cewa komai a kan yadda sabon ɗigo ɗaya zai yaɗu a kusa da layin. Duk mai son tazarar hasashe ga makaranta guda, ko majinyaci guda, dole ya yi model na bariyans, ko da OLS ne ya ba shi layin. In Malama ta ce za ta jera makarantu ta ce wannan ta gaza abin da ake tsammani, to ±2 sau tushen 30.4 ga ƙarama, kusan 11, ba ɗaya ba ne da ±2 sau tushen 16.36 ga babba, kusan 8. A nan `a + b/n` zai yi mata aiki ko da bai canza SE na kofishent ba.

Baban_Asmau:
Na yarda da lissafin `a`, ban yi la'akari da shi ba. Amma ban sauka daga nauyi da n gaba ɗaya ba. Wa ake yi wa binciken? In hukuma za ta yanke shawara a kan ɗalibai, makaranta mai 400 ɗalibai 400 ce. OLS yana ba ɗalibai 10 murya ɗaya da 400. In tasirin gogewa ya fi ƙarfi a ƙananan makarantu, 0.21 labarin makaranta ne, 0.12 labarin ɗalibi. Ni na biyun nake ganin ya fi amfani.

Hauwa_R:
Wannan hujja ce ta gaske, amma wani dalili ne dabam na yin nauyi, ba ruwansa da Breusch-Pagan. Kuma ko shi akwai tarko: idan tasirin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, nauyi da n ba lallai ya ba ka matsakaicin tasiri a kan ɗalibai ba, domin rigireshan yana ƙara nasa nauyin gwargwadon yadda x ya yaɗu. Hanya mafi tsabta ita ce ta sa haɗin `gogewa` da `log(n)` a model ta ga ko tasirin yana sauka da girman makaranta.

Ni ma 0.21 da 0.12 ɗin sun tsaya mini a rai. In model daidai ne, OLS da WLS abu ɗaya suke nema, bai kamata su yi nisa da juna fiye da hayaniya ba. Sai dai da SE 0.124 a gefe guda, tazarar 0.09 ba ta fita daga abin da hayaniya ke iya yi ba.

Dalibar_Kididdiga:
Na sa haɗin, tare da `log(n)` shi kaɗai. Alamarsa ta ragi ce, kamar yadda Baban Asma'u ya zata, amma p ɗinsa 0.27 da HC3.

Baban_Asmau:
Da makarantu 160 ba za ki kama haɗi ba sai in ƙato ne. Rashin kamawa ba shaida ba ce, Malam Sani da kansa ya faɗa a kan White.

Malam_Sani_H:
Haka ne, kuma ba zan janye ba. Ba za a iya cewa babu ba. Abin da za a iya cewa shi ne data ɗin ba ta isa ta raba gardamar ba, kuma ya kamata a rubuta hakan a fili.

Tsohon_Akawu:
Me ya hana a ɗauki `log` na makin a huta? Mu a lissafin kuɗin shiga da shi muke kashe hetaro.

Ummu_Sadik:
Yallaɓai, `log` yana taimakawa idan yaɗuwa tana girma da girman y, kamar kuɗin shiga ko na'urar Malam Mai Awo. Nata yaɗuwar da yawan ɗalibai take tafiya, kuma maki yana da rufi. Ƙari a kan haka yana canza tambayar, daga maki nawa zuwa kaso nawa.

Ni abin da ba a taɓa ba shi ne tsallen HC1 zuwa HC3. HC1 ninka komai yake yi da n/(n−k), 160 bisa 155, ƙarin kashi 3 a bariyans. HC3 kuwa kowace makaranta yake bi, ya raba sikwayar ragowarta da (1−h)², inda h shi ne rinjayenta a kan layin. Matsakaicin h a nan 5 bisa 160 ne, 0.031. Tashi daga 0.088 zuwa 0.097 yana nuna akwai wadda ta fi sauran rinjaye nesa ba kusa ba. 'Yar'uwa duba `sort(hatvalues(m), decreasing = TRUE)[1:5]`.

Dalibar_Kididdiga:
Akwai kuwa. Ɗaya tana da 0.28, mai bi mata 0.11. Ƙaramar makaranta ce mai ɗalibai 14, matsakaicin gogewar malamanta shekara 26 alhali na sauran kusan 10 ne, awanninta kuma sun fi na kowa da nisa. Na koma takardun asali, ba kuskuren shigarwa ba ne. Da na cire ta, kofishent ya koma 0.17, SE na HC3 0.091, t ya zama 1.87. Yanzu kam ban san inda nake ba.

Ummu_Sadik:
Kina inda kike tun farko, sai dai yanzu kin san ƙasar da kike takawa. Da h 0.28, HC3 yana ninka gudummawarta da 1 bisa 0.72², kusan 1.93, domin ta jawo layin zuwa kanta har ragowarta ta yi kamar ƙarama. HC3 kusan jimlar sikwayoyin irin motsin da kika gani ne in an cire kowace makaranta ɗaya bayan ɗaya. Motsin 0.04 sikwayarsa 0.0016, cikin 0.0094, wato makaranta ɗaya ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin shida. Don haka 0.097 ya riga ya lissafa da ita. Kada ki cire ta tunda ta gaskiya ce. Ki nuna sakamakon da ita da kuma babu ita.

Wannan ma yana bayyana wani ɓangare na 0.12 ɗin. Nauyi da n ya kusa shafe makaranta mai ɗalibai 14, kusan kamar cire ta ne.

Garkuwa82:
To in 1.87 ne ai sakamakon ya mutu.

Hauwa_R:
Bai mutu ba, kuma da 2.16 ma ba ƙarfi gare shi sosai ba. Tazarar amincewa ta farko daga kusan 0.02 zuwa 0.40 take, ta biyu daga kusan −0.01 zuwa 0.35. Kusan abu ɗaya suke faɗa.

Malam_Sani_H:
Malama, ga abin da zan kai wa malaminki in ni ne. Babban sakamako OLS da HC3. Kusa da shi WLS mai nauyin `1/(16 + 144/n)`, shi ma da HC3. Sai WLS da n, amma da SE 0.124, ba 0.074 ba, tare da lissafin 30.4 da 16.36 da ya nuna dalilin da bai zama babba ba. Ki je masa da lambobin cikin ladabi, shawararsa ta taso daga tunani mai kyau, `a` ne kawai ba a sa a ciki ba. Gwaje-gwajen biyu ki ambace su a layi biyu. In kina son wanda ya dace da tambayar, `bptest(m, ~ I(1/n), data = d)` ne.

Kada kuma a fita daga nan da cewa WLS ya tsufa. Romano da Wolf a 2017 sun kawo hujjar a dawo da shi, a haɗa shi da SE na robos, ta yadda in nauyin ya kusa daidai a ci riba, in bai yi ba gwajin bai lalace ba. Har sun yarda a yi gwaji a zaɓi tsakanin OLS da WLS, matuƙar robos yana kan duka biyun.

Hauwa_R:
A nan ne nake ɗan ja da baya, Malam. A samfur irin nata, nauyin da aka ƙiyasta daga sikwayar ragowa yana da tasa hayaniyar, kuma HC3 ba ya lissafa ta. Ita ta yi sa'a tana da `sd` na cikin makarantu. Wanda ba shi da shi, zai gwada siffa uku ko huɗu, ya ɗauki wadda ta ba shi ƙaramin p, ko da bai yi niyya ba.

Malam_Sani_H:
Wannan haɗari ne na gaske. Maganinsa a tsayar da siffar kafin a kalli p, kuma ta fito daga yadda aka tara data ɗin, kamar `a + b/n` a nan. Amma a babban samfur mai bambancin bariyans ninki goma ko ashirin, ni ba zan bar ribar a ƙasa ba.

Mai_Awo:
Tambaya ɗaya daga gefe. Har yanzu ba wanda ya ce me Breusch-Pagan na farko ya kama. Tunda n ba ya ciki, kuma bambancin da n ke kawowa kaɗan ne, daga ina 11.2 ta fito?

Ummu_Sadik:
Zato na, girman aji yana tafiya da yawan ɗalibai, sai ya ɗauko wani ɓangare. Sauran yana iya zama makarantu kaɗan masu manyan ragowa, ko alaƙar da ba miƙaƙƙiya ba ce da aka tilasta mata layi, domin gogewa ba kasafai take ƙara amfani daidai wa daida daga shekara 2 zuwa 26 ba. In haka ne, ba SE ne ke buƙatar gyara ba, model ɗin ne. 'Yar'uwa, zana ragowa a kan `gogewa` da kan `aji` dabam-dabam, ki ga ko akwai lanƙwasa.

Dalibar_Kididdiga:
Na zana. A kan `aji` yaɗuwar ta fi faɗi a ƙananan azuzuwa, babu lanƙwasa. A kan `gogewa` kamar akwai ɗan sauka bayan shekara 15, in ban da waccan makarantar da ke sama ita kaɗai, amma makarantu tara ne kawai a can, ban san ko idona ne ba. In ƙara `I(gogewa^2)` ne, ko hakan zai ƙara wa mai 0.28 ɗin rinjaye?

Ummu_Sadik:
Zai ƙara mata, sosai ma, domin sikwayar 26 ta fi nisa da sauran. Ki gwada ki sake duba `hatvalues` kafin ki karanta p. In ya haura 0.5, makaranta ɗaya ce ke zana miki lanƙwasar.